Tsarabar da ke hana zuwa gida

A duk shekara, da hutun makarantun Turai ya ƙarato a ƙarshen Yuli, ko na Disamba, gidajen Hausawa mazauna ƙetare sukan koma tamkar shagon Kantin Kwari. Akwatuna a buɗe a tsakar falo, sikeli a gefe, ana ɗorawa ana saukewa, ana cire takalmi daga wannan a cusa a wancan. Waya kuma ba ta hutawa: ƙani na son agogo, ɗiyar yaya na son jaka, wani abokin makaranta ya turo hoton wayar da yake so. Kafin a tashi, iyalin sun gaji, aljihu ya rame, kuma ba a zauna an yi lissafin abin da ya fi komai ƙaranci a tafiyar ba, wato kwanakin da za a yi a gida.

Wannan tsari a juye yake. Mai zuwa hutu gida yana da abubuwa uku da zai raba wa dangi: kilo, naira da kwana. Kilo ana iya sayen ƙari, naira ana iya turo ta ko bayan an koma, amma kwana ba ya ƙaruwa. Don haka ya kamata shiri ya fara daga jerin gidajen da za a taka, ya biyo ta kan kuɗi, akwati ya zo a ƙarshe. Iyalin da suka fara da akwati sukan biya farashi mafi tsada domin su kai wa dangi abin da yake jibge a Kano, sannan su rasa ƙarfin dawowa sai bayan shekara biyar.

Lissafin akwati

A ɗauki misalin wani iyali mai mutum huɗu da ke zaune a Manchesta: maigida ɗan Malumfashi ne, uwargida 'yar Kano ce, suna da yara biyu da suka wuce shekara biyu, sun kuma samu hutun kwana 21. A hanyar Birtaniya zuwa Najeriya, tikitin talakawan kujera a kamfanoni da yawa yakan bai wa kowane fasinja akwati biyu, kowanne kilo 23, ban da jakar hannu mai kilo bakwai ko takwas. Akwai tikitin rangwame da ke ba da akwati ɗaya kawai, saboda haka abin da aka rubuta a jikin tikiti shi ne hukunci, ba abin da maƙwabci ya ce an ba shi bara ba.

A takarda, wannan iyali suna da akwati takwas, kilo 184. Adadin yana da daɗin ji, amma yana ruɗi. Babban akwati shi kaɗai, ba komai a cikinsa, yakan kai kilo huɗu, don haka ainihin kayan da za a iya ɗauka bai wuce kilo 152 ba. Suturar su kansu, da magunguna, da 'yan abubuwan da yara suka saba da su, za su cinye akwati uku. Saƙon mutane, wanda kunya ba ta bari a ƙi, zai cinye guda. Saura huɗu, kilo 76. In jerin masu jiran tsaraba ya kai mutum casa'in, kuma a gidaje biyu masu yawan dangi wannan ba abin mamaki ba ne, kowa bai samu cikakken kilo ɗaya ba. Takalmin babban mutum ƙafa biyu ya kusa cinye rabon.

A nan ne ake yanke shawarar ƙara akwati na tara. Kuɗinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a ƙaddara fam 150 ne, a kuma ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ce domin sauƙin lissafi. Kayan da za su shiga cikinsa kilo 19 ne, wato kowane kilo ya ci kusan fam takwas, naira 16,000, a kuɗin ɗauka kaɗai. Idan cakulan da man shafawa da sabulu aka cika shi da su, kuɗin dakon ya yi kafaɗa da kuɗin kayan. Naira 300,000 da aka bai wa kamfanin jirgi ta isa a miƙa wa mutum talatin dubu goma goma, kuma da za a tambaye su, ba a buƙatar boka kafin a san wanda za su zaɓa.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan kama mutane. Babu jirgin da ke tashi daga Landan kai tsaye zuwa Kano. Wanda ya bi jirgin Habasha ta Addis Ababa, ko na Masar ta Alƙahira, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano a kan tikiti guda, izinin kayansa yana bin sa har ƙarshe. Wanda kuwa ya sauka Abuja ko Legas, ya yanki wani tikitin daban na jirgin cikin gida, ya shiga sabuwar yarjejeniya, wadda izininta yakan tsaya a wajen kilo ashirin ga kowane mutum. Mutum huɗu, kilo tamanin. Kayan iyalin kuwa kilo 184. Sama da kilo ɗari za a biya wa kuɗi a gaban kanta, a ranar da ba halin ciniki. Rangwamen da aka yi murnar samu a tikitin Abuja nan yake narkewa, sai dai in an shirya tun farko cewa kayan za su bi mota ta Kaduna da Zariya.

Abin da ya cancanci kilo

Ƙa'idar da ta fi amfani gajeriya ce: akwati na abin da ba a samu a gida ne, ko wanda na gida ba a amince da ingancinsa ba. Na'urar awon hawan jini ga mahaifi, ta awon sukari tare da tsinkayenta masu yawa, takalmi mai taushi ga tsohuwar da ƙafa ke damu, tabarau, kwamfuta ga ɗalibin jami'a, littattafan da ba su iso ba: waɗannan sun cancanci fam takwas a kilo. Mazauna Birtaniya suna da sa'a, domin wutar Najeriya da filoginta mai ƙafa uku irin nasu ne. Na Amurka da Kanada kuwa kayan wutarsu an yi su ne a kan ƙarfin 120, na gida 230, kuma injin markaɗe da yawa ya ƙone a ranar farko saboda ba a duba wannan ba.

Atamfa da shadda da leshi da turare ba su cika wannan sharaɗi ba. Gezna a Ostiriya ake saƙa ta, atamfar Holan a can Holan ake buga ta, amma dukkansu suna nan a Kantin Kwari, kala-kala, fiye da abin da shagon 'yan Afirka a Manchesta zai iya ajiyewa. Turaren Larabawa da ake ɗaukowa daga Ingila ya riga mai shi isa Kano ta Dubai. Sayen su a gida yana da ƙarin fa'ida: ƙanwa ko gwaggon da ta san wanda ke yayi, ta san kuma kalar da kowace tsohuwa ke so, ita za ta zaɓa, ba wadda rabonta da bikin gida shekara huɗu ba.

Sauran ƙa'idodin na tsaro ne, kuma ba a yin ciniki a kansu. Batirin cajin waya ba ya shiga babban akwati, a jakar hannu yake tafiya. Turare da duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, akasin haka ne a yawancin filayen jirgi. Saƙon wani ba a karɓarsa a ƙulle, ko na aminin da aka yi shekara ashirin tare: a buɗe a gabansa, a gani. Magani ya fi komai haɗari, domin ƙwayar da ake saya a kan kanta a Birtaniya tana iya ƙunsar kodin, kuma wasu ƙasashen da ake yada zango suna da tsauraran dokoki a kansa. Wanda sunansa ke jikin akwati shi zai amsa tambaya.

Kuɗi

Babu dalilin ɗaukar kuɗi masu yawa a jiki. Wanda zai fita daga Birtaniya da tsabar fam 10,000 ko fiye dole ne ya bayyana wa hukuma, kuma jimlar abin da ke hannun iyalin ake dubawa, ba na mutum guda ba. Najeriya ma tana buƙatar a bayyana wa kwastam abin da ya haura dala 10,000. Kafin Yunin 2023, lokacin da tazarar canjin gwamnati da na Wapa ke da faɗi, mai shigowa da dala a aljihu yana da hujjarsa. Tun da Babban Banki ya saki naira tazarar ta ragu sosai, turawa ta waya zuwa asusun mutum na gida ya zama hanyar da ta fi kwanciyar hankali. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne asusun kansa: wanda aka daɗe ba a taɓa ba banki yakan kwantar da shi, layin wayar da ke karɓar lambar sirri kuma yakan mutu. Gyara su yakan ci yini guda a layin banki, yinin da aka zo dominsa a gaida mutane, don haka a gwada su tun makonni kafin tashi.

A ƙaddara iyalin Manchesta sun ware fam 2,500 domin dangi, naira miliyan biyar a wancan lissafi. Takardar naira mafi girma ita ce ta dubu ɗaya, saboda haka wannan kuɗi a tsaba takarda 5,000 ne, rafa hamsin. Banki ba zai bayar da su cikin sauƙi ba, musamman a Disamba da takardun kuɗi kan yi wuya, masu cirar kuɗi na bakin titi kuma suna yankar ladansu a kowace dubu goma. Manyan kyaututtuka su tafi ta taransifa. Tsaba a tanadar wa tsofaffi, waɗanda a wurinsu abin da ba a damƙa a hannu ba bai cika kyauta ba, da yara, da masu hidimar gida.

Rabon da ya fi ɗorewa shi ne wanda miji da mata suka zauna suka yi tun a can, kafin ido ya haɗu da ido. Misali: miliyan biyu ga iyaye, ɗaya Malumfashi, ɗaya Kano. Miliyan ɗaya ga buƙata ta gaske guda ɗaya ko biyu, kamar kuɗin makarantar maraya ko aikin idon kaka, a biya kai tsaye ga makarantar ko asibitin. Miliyan ɗaya ga kayan Kwari da ambulan ɗin gaisuwa. Dubu ɗari biyar ga walima. Dubu ɗari biyar a ɓoye ta domin abin da ba a zata ba, wanda kuma ba ya fashin zuwa: rasuwa, haihuwa, lalacewar mota, zazzaɓin yaro.

Amfanin wannan rabo ba tsumulmula ba ne. Naira miliyan ɗaya da aka watsa wa mutum ɗari tana ƙarewa kafin mako ya zagayo, ba ta sauya rayuwar kowa ba. Wadda aka tara wuri guda tana iya fitar da yarinya daga sakandare. Kuma wanda ya san iyakarsa yana iya cewa "wannan karon ba zai samu ba" da sakin fuska. Wanda bai sani ba shi ke cewa "bari in koma zan turo", kalmar da ta ɓata zumunci fiye da rowa, domin tana mayar da kyauta bashi, mai jira kuma ya fara ƙirga watanni.

Daidaito tsakanin ɓangarorin biyu abu ne da ba a faɗa a fili amma kowa yana aunawa. A gidaje da yawa na ƙetare matar ma tana aiki, albashinta yana cikin kuɗin tikitin. In akwati uku suka nufi dangin miji, guda ya nufi nata, rigimar za ta biyo su har Manchesta. Haka nan a cikin gida ɗaya: abin da aka bai wa mahaifiya da wanda aka bai wa abokiyar zamanta, na 'yan ɗaki da na 'yan uba, duk za a jera su a kwatanta bayan baƙi sun fita. Tsohuwar dabarar Hausawa ita ce mafita har gobe: a damƙa tsarabar gaba ɗaya ga uwa ko babbar gwaggo, ita ta raba. Ta san wanda aka yi wa rashi, ta san wadda ta yi ɗawainiya da ita a asibiti, ta san mai saurin fushi. Jerin da aka rubuta a ƙetare bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kwanaki

Kwana 21 ba kwana 21 ba ne. Biyu sun tafi a jirgi, zuwa da komawa. Ɗaya na hutun gajiya. Akwai bikin da aka ɗaga musamman domin baƙin su samu halarta, zai ci huɗu. Hanyar Kano zuwa Malumfashi ta Gwarzo da Dayi, zuwa da dawowa tare da sauke kaya da ɗaukarsu, ta ci biyu. Kasuwa da ɗaurin kayan komawa, ɗaya. A ware biyu domin rashin lafiya, tun da yaran da suka tashi a Turai jikinsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba, cikinsu bai saba da ruwan ba. Shi ya sa ake ganin likita tun kafin tafiya a karɓi maganin rigakafi, musamman in hutun ya faɗo a damina. Abin da ya rage kwana tara ne.

Gaisuwar Hausawa ba a yin ta a tsaye. Za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a kawo fura ko abinci, a kira na cikin ɗaki su zo su ga yara, sallah ta riski mutane. Da ƙananan yara a mota, gida huɗu a yini shi ne abin da za a iya ba tare da an galabaita ba. Kwana tara sau huɗu, gida 36. In gidajen da ke da haƙƙi sun kai sittin, to tun kafin a tashi an san cewa 24 ba za a taka su ba. Abin da ya rage shi ne a zaɓa da hankali, ko a bar gajiya ta zaɓa.

Al'ada ta riga ta jera su. Iyaye da kakanni na farko, sannan surukai. Daga nan gidajen da aka yi rasuwa tun bayan zuwan ƙarshe, domin ta'aziyyar waya ba ta sauke ta ƙafa, kuma ita ce wadda ba a yafewa in an tsallake. Sai marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita, sai malamin da ya koyar da karatu da maƙwabtan da ke leƙa iyaye kullum. Sa'o'i da ƙanne da abokai, masu ƙafa da abin hawa, su ne walima ta dace da su: yini guda a gidan iyaye, a dafa abinci, a gayyaci kowa. Dubu ɗari biyar ɗin nan tana sayen abin da akwati na tara ba zai saya ba, wato mutum arba'in su zauna da baƙin, yara su ga 'yan uwansu su san sunayensu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin muhimman gaisuwa zuwa makon ƙarshe. Alamarsa a bayyane take: ranar jajiberin tafiya ana zagaya gari da mota, ana shiga gida biyar a sa'a biyu, ana ajiye leda ana cewa sauri ake yi. Tsohon da aka yi wa haka ya karɓi turare, amma ya fahimci matsayinsa.

Hujjar masu akwati

Masu kare tsohon tsari suna da magana mai nauyi. Tsaraba, in ji su, ba darajar kuɗinta ake dubawa ba. Shaida ce cewa mutum yana can nesa ya tuna da wani. Turmin da aka saya a Kwari ba ya ɗauke da wannan shaida, kuma wanda ya zo daga Turai da tsarabar Kano za a ce ya zo hannu rabbana, ko ya koyi rowar Turawa.

Rabin farko gaskiya ne, amma bai kai ga akwati tara ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja goro suke raba wa maƙwabta, ba jaki guda ga kowa ba. Tsarabar alhaji ga yawancin masu zuwa sannu da zuwa dabino ce da kurɓin zamzam da tasbaha, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa alhazai da dama a kasuwar sansanin alhazai ta Kano suke cike giɓin tsarabarsu. Shaidar tunawa ƙarama ce a asalinta. Ƙwayar alewar can a saman turmin Kwari ta isar da saƙon. Abin da ya sauya shi ne zaton cewa mai karɓar albashi da fam ba ya jin nauyin komai, zaton da mazauna ƙetare da kansu suka ciyar da shi ta hanyar ɓoye haya da haraji da aikin dare, suna sauka da kayan da aka saya da katin bashi.

Farashin wannan ɓoyo ba a kan masu zuwan kaɗai yake faɗawa ba. In tsaraba da rabon kuɗi suka kai nauyin tikiti, tafiyar da za a iya yi duk shekara biyu takan koma duk shekara biyar. A shekara biyar yaro ɗan uku ya zama ɗan takwas, Hausarsa ta tsaya a "ina kwana". Kakar da ke da shekara 78 ba lallai ta jira zagaye na gaba ba. Dangin da suka matsa a kawo musu waya, ba da saninsu ba, sun sayar da zuwa biyu domin akwati ɗaya. Su ma suna da rawar takawa: uwa ko babban wa da ya ce wa 'yan gida kada wanda ya tura jerin buƙatu, ya yi wa zumunci hidimar da ta fi kowace tsaraba.

Akwatunan da suka zo a cike za su koma a cike, da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji da ɗinkunan Sallah. A nan ma akwai iyaka: Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, don haka kilishi da dambun nama da man shanun da gwaggo ta kwana tana haɗawa za su iya ƙarewa a hannun jami'an filin jirgi, Amurka kuma tana buƙatar a bayyana duk abincin da aka shigo da shi. Gara a gaya mata tun da wuri, a ci kilishin tare a tsakar gida.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Iyalin da suka sauka da akwati shida, suka taka gida 36, suka koma ba bashi a kansu, za su iya sake yankar tikiti kafin ƙaramin yaronsu ya manta fuskar kakarsa.